Sukarin da ke hawa da asuba: adadi uku da ake bukata kafin a taɓa allurar dare

Mai ciwon sukari yana kwanciya da adadi mai kyau, bai ci komai ba har gari ya waye, amma da ya soki yatsa da safe sai na'ura ta nuna masa 180 ko 200 mg/dL. Abin da ke fara zuwa zuciyarsa shi ne allurar insulin ta dare ta yi kaɗan, a ƙara. Wani lokaci hakan ne daidai. Wani lokaci kuma wannan ƙarin shi ne zai jefa shi cikin haɗari yana tsakiyar barci, lokacin da ba wanda ke kallonsa. Adadin safe shi kaɗai ba ya iya raba waɗannan hali biyu, domin abin da yake faɗa maka inda dare ya ƙare ne kawai, ba ya faɗa maka ta hanyar da aka biyo.

Akwai bayani biyu da aka daɗe ana koyarwa a kan wannan hawan na safe, kuma maganinsu ya saɓa wa juna gaba ɗaya.

Na farko shi ne hawan asuba. Tun daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa hantsi jiki yana shirin farkawa. Sinadarin girma, wanda ake saki da yawa a farkon barci mai nauyi, yana rage wa insulin ƙarfi bayan wasu sa'o'i, sannan wani sinadarin jiki mai suna kotizol ya fara hawa gab da wayewar gari. Hanta kuma, wadda ita ce rumbun sukarin jiki, sai ta ƙara yawan abin da take zubawa cikin jini. Wannan yana faruwa ga kowa. Wanda ba shi da ciwon, jikinsa yana ƙara sakin insulin daidai da buƙata, don haka adadinsa ba ya motsawa sosai. Mai ciwon sukari ba shi da wannan ƙarin, ko kuma nasa bai isa ba, sai sukari ya yi ta hawa a hankali daga ƙarshen dare. An bayyana wannan hali a rubuce-rubucen likitoci a farkon shekarun 1980, kuma masu bincike da yawa suna ƙirga shi idan hawan daga mafi ƙarancin adadin dare zuwa kafin karin kumallo ya kai 20 mg/dL ko ya wuce. Abin lura a nan shi ne sukari bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Ya zauna a inda yake, daga baya ya tashi.

Na biyu shi ne hawan ramuwa, wanda ake jingina wa Michael Somogyi, masanin sinadaran jiki haifaffen Hungary da ya yi aiki a birnin St. Louis na Amurka. Tun a shekarun 1930 ya fara cewa yawan insulin kansa na iya haifar da hawan sukari: allura ta yi yawa, sukari ya faɗi cikin dare, jiki ya tsorata ya saki sinadaran da ke ɗaga sukari, wato adiranalin da gulukagon da kotizol, hanta ta buɗe rumbu, har abin ya zarce ya kai ga adadi mai yawa da safe. Idan haka ne, ƙara allura zai ƙara zurfin faɗuwar ne, kuma abin da ya kamata shi ne a rage.

Bayanin yana da daɗin fahimta, shi ya sa ya zauna a bakin mutane shekara da shekaru. Amma da aka zo aka gwada shi, bai tsaya da ƙafafunsa yadda ake zato ba. A 1987 wasu masu bincike a St. Louis ɗin kanta sun saukar da sukarin masu ciwo nau'i na ɗaya da gangan cikin dare a asibiti, suka jira safiya, ba su ga hawan da ake faɗa ba. Da na'urorin da ke auna sukari dare da rana suka yawaita, abin da aka fi gani shi ne daren da sukari ya faɗi, safiyarsa ta fi zuwa da adadi ƙasa-ƙasa. Dalilin ma a fili yake. Barci yana dusashe martanin adiranalin, sannan mai nau'i na ɗaya da ya yi wasu shekaru da ciwon yakan rasa martanin gulukagon idan sukarinsa ya faɗi. Kuma insulin ɗin da ya jawo faɗuwar yana nan a jini yana danne hanta. Jikin da ke cikin wannan hali da ƙyar yake iya ɗaga kansa zuwa daidai, balle ya zarce zuwa 200.

A ganina wannan bai rage muhimmancin tambayar ba, sai ma ya ƙara mata nauyi. Faɗuwar dare gaskiya ce, tana faruwa sosai, kuma ana iya samunta a dare ɗaya da hawan safe. Abin da ya sauya shi ne fahimtar abin da ke haɗa su. Sau da yawa mutum ne ya farka yana rawar jiki ya sha abin zaƙi fiye da kima, ko kuma allurar da ta yi ƙarfi a tsakiyar dare ce ta ƙare kafin asuba, hawan asuba ya iske fili babu mai tare shi. Ko ramuwar jiki ce ko ɗayan waɗannan, hukuncin ɗaya ne: idan akwai faɗuwa cikin dare, ba a ƙara allurar dare saboda adadin safe.

To, ta yaya ake sani? Da adadi uku a dare guda: lokacin kwanciya, tsakanin ƙarfe 2 zuwa 3 na dare, da kuma farkawa kafin a sa komai a baki.

Awon kwanciya yana da sharaɗin da mutane ke yawan tsallakewa. Ya kamata ya kasance an yi aƙalla sa'a 3 da cin abincin dare, domin insulin mai saurin aiki da aka yi wa abincin yana ci gaba da aiki sa'a 3 zuwa 5, abincin kansa kuma bai gama shiga jini ba. Wanda ya ci abinci ƙarfe 9 ya auna ƙarfe 10, abin da ya gani hawan abinci ne, ba za a iya ɗora lissafin dare a kansa ba. Abinci mai maiƙo da yawa ma ya fi haka jinkiri, yana iya ci gaba da ɗaga sukari har tsakar dare. Don haka a zaɓi dare irin na yau da kullum, a ci abincin da aka saba a kan lokaci, kuma duk abin da aka ƙara bayan awon a rubuta shi. A rubuta lokacin allura da yawan yunit, a rubuta idan an yi aikin ƙarfi ko motsa jiki da yamma, domin tsoka tana ci gaba da jan sukari sa'o'i da yawa bayan an gama. Barasa ma tana hana hanta sakin sukari cikin dare, mai shan ta ya rubuta hakan a takardar da zai kai wa likita.

Awon tsakar dare shi ne mai wahala, shi ne kuma mai amfani. A sa ƙararrawa, a ajiye na'ura da tsinken awo da fitila da abin zaƙi a gefen gado tun kafin a kwanta, don kada a tashi ana lalube cikin magagi. A wanke hannu da ruwa a shanya shi sosai. Ɗan zaƙin da ya rage a yatsa yana iya ɗaga adadi har ya ɓoye faɗuwar da ake nema, jiƙaƙƙen yatsa kuma yana tsarma ɗigon jinin. An zaɓi ƙarfe 2 zuwa 3 ne saboda a lokacin jiki ya fi jin insulin, kuma hawan asuba bai fara ba tukuna. Awon safe kuwa a yi shi da zarar an buɗe ido, kafin wanka, kafin zirga-zirga, domin wasu mutane tashi daga gado kawai yana ƙara musu adadi.

Dare ɗaya ba ya isa. A yi aƙalla dare 3, ba dole a jere ba, kuma a sauya lokacin awon tsakiya: yau ƙarfe 2, gobe ƙarfe 3, wata rana ƙarfe 4. Faɗuwa tana iya ɗaukar minti 40 ta wuce, mai soka yatsa sau ɗaya yana iya zuwa kafinta ko bayanta. Sannan na'urar gida ba ta da cikakken daidaito. Ƙa'idar da ake yi wa irin waɗannan na'urori ta yarda da kuskuren 15 mg/dL idan adadin bai kai 100 ba, da kashi 15 cikin ɗari idan ya wuce. Bambancin 10 ko 15 tsakanin awo biyu ba labari ba ne. Wanda na'urarsa ke nuna mmol/L sai ya raba duk adadin da ke nan da 18: 70 ya zama 3.9, 180 ya zama 10.

Bari mu ɗauki misali mai sauƙi tukuna. Wata mata mai nau'i na biyu, ƙwayar maganin metfomin kaɗai take sha. Ta kwanta da 126, ƙarfe 3 ta ga 119, da safe 161. Dare na biyu da na uku duk kusan haka. Rabin farko na dare a shimfiɗe yake, hawan duk ya zo ne bayan ƙarfe 3, kuma ya kai 40. Wannan hawan asuba ne tsantsa. Dama metfomin shi kaɗai da wuya ya saukar da sukari ƙasa da kima, don haka zancen ramuwa bai taso mata ba. Wanda ya kamata ya damu da faɗuwar dare shi ne mai insulin, ko mai shan irin su gilibenkilamid da ke tilasta wa jiki sakin insulin ko ana buƙata ko ba a buƙata.

Da a ce ta kwanta da 210, ƙarfe 3 ta ga 195, da safe 190, da ba ɗaya daga cikin biyun ba ne. Sukarin abincin dare ne ya kwana da ita, gyaran yana wajen abincin da maganinsa.

Misalin da ya fi kama da abin da ke rikita mutane shi ne wannan. A ɗauka wani mutum ne da ke yin allurar insulin mai suna NPH, wadda ruwanta fari-fari ne ake mirgina ta a tafin hannu kafin a ja, yunit 20 da ƙarfe 7 na yamma tare da abincin dare. Mako biyu ke nan safiyarsa tana tsakanin 175 da 215, alhali abin da aka fi sa wa manya a gaba kafin karin kumallo shi ne 80 zuwa 130. Ya yanke shawarar ƙara yunit 4, amma aka ce masa ya fara yin awon dare.

Daren farko ya kwanta ƙarfe 10 da rabi da 148. Ƙarfe 3 ya ga 94. Ƙarfe 6 da rabi ya ga 178. Mai saurin yanke hukunci zai ce 94 ai lafiya lau ne, babu faɗuwa, hawan asuba ne, a ƙara allura. Amma a dubi tafiyar: sukari ya sauka da 54 cikin sa'a 4 da rabi ba tare da wani dalili ba sai allurar. Aikin allurar dare shi ne ta riƙe adadi kusan inda ta same shi. Wadda ke saukar da 50 ko fiye kafin ƙarfe 3 ta riga ta yi ƙarfi a wannan lokacin, kuma abin da ya ceci mutumin a daren shi ne ya kwanta da 148. Da ya kwanta da 115, lissafin zai kai shi wajen 60.

Hakan kuwa ya faru a dare na biyu. Ranar ya yi doguwar tafiya a ƙasa da yamma, ya kwanta da 121. Ƙararrawa ta tashe shi ƙarfe 2 da rabi, rigar barcinsa ta jiƙe da gumi a wuya da baya, hannunsa yana karkarwa har tsinken awo ya kuɓuce masa sau ɗaya. Na'ura ta nuna 58. Ya ɗauki kwalbar lemo mai rabin lita ya shanye duka, ya ƙara da biskit, ya koma barci. Da safe 226. Wanda ya ga 58 da 226 kawai zai ce ga hawan ramuwa ƙarara. Amma rabin litar lemo mai zaƙi yana ɗauke da kusan giram 50 na sukari, fiye da ninki uku na giram 15 da ake buƙata don tayar da faɗuwa, ga kuma biskit a kai. Mafi yawan hawan daga kwalbar ya fito, sauran kuma daga abin da ya ɗaga shi a daren farko.

Ba na ganin laifinsa a nan, domin yunwar da ke zuwa da faɗuwar sukari ba ta jin rarrashi, musamman ga wanda aka tasa daga barci. Shi ya sa ake auna maganin tun da rana a ajiye: giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, wato kimanin babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofi na lemo, a jira minti 15, a sake awo, idan har yanzu bai kai 70 ba a maimaita. Ƙasa da 54 faɗuwa ce mai tsanani da ya kamata likita ya ji labarinta washegari ba tare da jiran ranar asibiti ba. Wanda kuma aka same shi ba ya cikin hayyacinsa, ba a ɗura masa komai a baki, allurar gulukagon ake yi masa idan akwai, a nemi taimakon gaggawa.

Dare na uku ya auna sau biyu a tsakiya. Kwanciya 152, ƙarfe 2 ya ga 97, ƙarfe 4 da rabi ya ga 118, safe 183. Yanzu hoton ya fito. NPH tana kai ƙololuwar ƙarfinta kimanin sa'a 4 zuwa 8 bayan allura, daga nan ta fara ja da baya. Wadda aka yi ƙarfe 7 na yamma tana kan ganiyarta daga wajen ƙarfe 11 zuwa 3, daidai lokacin da jiki ya fi jin insulin, sannan tana raunana daidai lokacin da hanta ke ƙara zubo sukari. Allurar ta yi yawa a rabin farko na dare, ta yi kaɗan a rabin ƙarshe. Ƙarin yunit 4 zai ɗan rage adadin safe, amma zai mayar da 94 da 97 ɗin nan zuwa faɗuwa kusan kowane dare.

Abin da likita ke dubawa a irin wannan takarda lokaci ne kafin yawa. Hanya ɗaya ita ce a ɗage NPH daga lokacin abincin dare zuwa lokacin kwanciya, wajen ƙarfe 10, don ƙarfinta ya faɗo kusa da asuba. Wata hanyar ita ce a koma insulin mai dogon zango irin gilajin, wadda aikinta ya fi shimfiɗuwa cikin kusan sa'a 24 kuma faɗuwar dare ta fi ƙaranci da ita. Idan an samu faɗuwar da ba a gano dalilinta ba, abin da aka saba shi ne a rage allurar da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, wato yunit 2 zuwa 4 ga wannan mutumin, ko da adadin safe zai ɗan ƙaru na wasu kwanaki. Mai amfani da famfon insulin, wato na'urar da ke zuba insulin a jiki kaɗan-kaɗan dare da rana, shi ya fi samun sauƙi, domin ana iya saita masa ya ƙara zubi daga ƙarfe 3 ko 4 kawai. Duk waɗannan sauye-sauye ne da ake yi tare da likita, ɗaya bayan ɗaya, a sake awon dare bayan kowanne.

Akwai wani abu da binciken da aka yi a kan hawan ramuwa ya koyar wanda ya juya tsohuwar fahimta. An saba cewa idan safiya ta yi sama a yi zargin faɗuwar dare. Gaskiyar da ta fi yawa ita ce mai insulin da ke farkawa da 75 ko 85 kullum, yana murna, shi ne ya fi kusa da cewa ya kwana a ƙasa bai sani ba, musamman idan ya kwanta da 160 ko fiye. Idan ya haɗa da ciwon kai da safe, ko mafarki mai firgitarwa, ko zanin gado a jiƙe, ko gajiyar da barci bai kawar ba, ko matarsa ta ce yana ta juyi yana sambatu, to shi ma awon ƙarfe 2 zuwa 3 ya wajaba a kansa ko da adadin safensa ya yi kyau. Faɗuwar da ake maimaitawa tana kashe alamun gargaɗi, har mutum ya daina jin karkarwa sai ya kai inda ba zai iya taimakon kansa ba.

Na'urar da ake mannawa a dantse tana auna sukari duk bayan 'yan mintuna, ta zana layin dare gaba ɗaya, kuma ga wanda ya samu dama ko na mako biyu ne ta fi soka yatsa amsa wannan tambaya. Sai dai tana da nata yaudarar. Ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, don haka tana bin jini a baya da 'yan mintuna. Kuma idan mutum ya kwanta a kan hannun da take, matsin yana sa ta nuna faɗuwar ƙarya. Ana gane ta da siffarta: layi yana tafiya a shimfiɗe, ya faɗa kwatsam, ya dawo daidai inda yake da zarar mutum ya juya, ba tare da ya ci komai ba. Faɗuwar gaske tana gangarowa a hankali ne cikin sa'a ɗaya ko biyu. Idan ƙararrawarta ta yi kuka kuma jiki bai nuna komai ba, a tabbatar da yatsa, amma idan akwai gumi da karkarwa a sha giram 15 ɗin tukuna.